Shafi na Biyu Ba Kwafin na Ɗaya Ba Ne: Martani ga Mai Cewa a Mayar da Komai Shafin Farko

Na karanta rubutun da wani ɗan'uwa marubuci ya yi yana ba masu kafafen intanet shawara kan yadda za su yi da shafukan da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya, wato dogon rubutun da aka yanka gida-gida, da shafukan taska inda tsofaffin labarai suke zaune goma-goma. Malam ya gano cuta ta gaskiya. Idan ka buɗe shafi na biyu, na uku, na tara, sai ka tarar duk take ɗaya suke ɗauke da shi, bayani ɗaya, hoto ɗaya, kamar na farko ne yake ta maimaita kansa. Har nan muna tare. Inda muka rabu shi ne maganin. Shawararsa ita ce kowane shafi na baya a saka masa `rel="canonical"` mai nuna shafin farko, shafukan taska kuma a ƙara musu `noindex`, sannan kada a wahalar da kai wajen bambanta take, tunda a cewarsa Google ya daina kula da jerin shafuka tun 2019. Wannan shawara tana ɓatar da rubutun mutane, kuma na damu da ita ne domin masu ƙananan kafafe, waɗanda ba su da ma'aikacin fasaha, su ne za su ɗauke ta yadda take su aiwatar.

Tushen kuskuren guda ɗaya ne. Malam ya ga lakabi yana maimaituwa, sai ya yanke hukunci cewa abin da ke ciki ma maimaici ne. Amma metadata, wato waɗannan 'yan layukan da ke ɓoye a saman kowane shafi suna gaya wa injin bincike da manhajojin sada zumunta ko wane shafi ne wannan, lakabi ne kawai. Magana Jari Ce littafi uku ne. Da maɗaba'a za ta yi kuskure ta buga bangon littafi na ɗaya a kan dukansu, gyaran shi ne a sake bango. Ba wanda zai je ya gaya wa mai kula da ɗakin karatu cewa na biyu da na uku kwafi ne, ya ajiye na ɗaya ya wadatar. To abin da `canonical` mai nuna shafin farko yake faɗa ke nan, ba ƙari ba ragi.

Bari mu tsaya a kan wannan alamar, domin a nan ne ɓarnar ta fi girma. Google da Yahoo da Microsoft ne suka fito da ita tare a watan Fabrairun 2009, don warware matsala takamaimiya: rubutu ɗaya da ake samu ta adireshi daban-daban. Labari guda yana iya buɗuwa da `www` ko babu, yana iya buɗuwa da wata jela ta bin diddigin talla a ƙarshen adireshin, ko ta shafin da aka tanada don bugawa a takarda. Alamar tana cewa waɗannan duk abu ɗaya ne, ga na asalin, shi za a ajiye. Sharaɗinta ke nan: abin da ke cikin shafukan ya zama ɗaya, ko kusan ɗaya. A 2013 Google ya wallafa jerin kurakurai biyar da aka fi yi da ita, kuma na farko a jerin shi ne daidai abin da Malam yake ba da shawara, wato nuna shafin farko daga shafukan baya na rubutun da aka rarraba. Har yau jagorar Google kan jerin shafuka tana nan a kan wannan matsayi, tana cewa kowane shafi a ba shi nasa adireshin na asali.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata mujalla ta wallafa dogon rubutu kan sarakunan Kano, ta raba shi shafi huɗu don kada ya yi wa mai karatu a waya nauyi. Shafi na ɗaya ya fara da Bagauda da kafuwar sarauta. Na biyu ya zo kan Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, da zuwan Wangarawa daga Mali. Na uku gaba ɗayansa na Muhammadu Rumfa ne, 1463 zuwa 1499, da Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da zuwan Shehu Almaghili. Na huɗu ya ɗauko daga jihadi da zamanin Ibrahim Dabo har zuwa shigowar Turawa a 1903. Yanzu ga ɗaliba tana neman bayani kan zaman Almaghili a Kano. Sunansa bai fito ko sau ɗaya a shafi na ɗaya ba, yana shafi na uku.

Idan mujallar ta bi Malam, shafi na uku yana gaya wa Google cewa shi kwafin na ɗaya ne. Abu biyu ne za su iya faruwa, domin Google yana ɗaukar wannan alama a matsayin shawara mai ƙarfi, ba umarni ba. Ko dai ya yarda, ya ajiye shafi na ɗaya a kundinsa ya bar na uku a waje, sai duk abin da aka rubuta kan Rumfa da Almaghili ya zama ba ya cikin abin da ake nema a samu. Ɗalibar nan za ta samu rubutun wasu, ba za ta taɓa sanin wannan yana nan ba. Ko kuma Google ya duba ya ga shafukan ba su yi kama ba, ya yi watsi da alamar. A hali na farko an yi asarar kashi uku cikin huɗu na rubutun. A hali na biyu ba a ci ribar komai ba, sai dai an dogara ga injin ya gane cewa abin da aka gaya masa ba gaskiya ba ne. Ban ga yadda za a kira wannan dabara ba.

Malam ya kawo hujjar cewa yin haka yana tattara ƙarfin shafukan wuri ɗaya, har shafin farko ya ƙara hawa sama. Abin da ake tattarawa shi ne darajar mahaɗan da wasu kafafe suka yi zuwa shafukan. Kalmomin da ke cikin shafi na uku ba sa ƙaura su koma na ɗaya. Shafin farko ba zai fara fitowa ga mai neman Almaghili ba alhali babu Almaghili a cikinsa. Akwai hali ɗaya da ya halatta shafukan baya su nuna wani shafi daban, shi ne idan akwai shafi guda da ya ƙunshi rubutun dukansa daga farko har ƙarshe. A nan abin da ke shafi na uku yana cikin wancan da gaske, don haka maganar ba ƙarya ba ce. Amma wannan yana nufin duk wanda ya zo daga bincike zai sauke rubutun baki ɗaya da hotunansa, kuma mai kafar da yawancin masu karatunta suke sayen data kaɗan-kaɗan sai ya auna wannan kafin ya zaɓa.

Ga yadda saman shafi na uku ya kamata ya kasance:

```html
<title>Sarakunan Kano (3/4): Muhammadu Rumfa da Almaghili</title>
<meta name="description" content="Mulkin Rumfa, 1463-1499: Gidan Rumfa, Kasuwar Kurmi da zuwan Almaghili.">
<link rel="canonical" href="https://example.com/sarakunan-kano/3/">
<meta property="og:url" content="https://example.com/sarakunan-kano/3/">
```

Layi huɗu ne, kuma kowanne yana magana ne a kan shafi na uku, ba a kan na ɗaya ba. A lura da inda lambar take a cikin taken. Sakamakon bincike yana yanke take idan ya wuce kimanin harafi 60, tab ɗin burauza kuwa ya fi haka ƙunci nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta dogon take, ya bi shi da sunan mujalla, sannan ya liƙa lambar shafi a can ƙarshe, ya bambanta shafukansa a inda ba mai gani. Abin da ya raba wannan shafi da 'yan'uwansa shi ya kamata ya zo da wuri.

Yanzu batun take, kuma a nan dole in yi wa Malam adalci. Gaskiya ne jagorar Google ta ce shafukan da ke cikin jeri ɗaya ba dole ba ne su bambanta take da bayani, injin yana ƙoƙarin gane su da kansa. Malam bai ƙirƙiri wannan ba. Amma jagorar da ta yi wannan sassauci ita ce dai ta hana mayar da `canonical` shafin farko, ba a ɗaukar rabin da ya yi daɗi a bar ɗayan. Sannan abin da sassaucin yake nufi shi ne Google ba zai hukunta ka ba. Bai ce mai karatu ba zai ruɗe ba, kuma take ba don Google kaɗai ake rubuta shi ba.

Mu dubi yadda ake karatu a wajenmu. Littattafan hikaya na Hausa da yawa yanzu kashi-kashi ake sakin su, kuma ta WhatsApp da Facebook suke yawo daga hannu zuwa hannu. Wata ta karanta kashi na goma sha bakwai, ta tura wa ƙawarta. Ɗan akwatin da ke fitowa a ƙarƙashin saƙon, mai take da hoto da gajeren bayani, daga `og:title` da `og:description` da `og:image` ake ɗebo shi. Idan duk kashi-kashin suna ɗauke da na farko, ƙawar za ta ga abin da ta riga ta gani sau goma sha shida, ta ɗauka tsohon saƙo ne aka sake turowa, ta wuce. A Facebook abin ya fi haka muni, domin shi yana ɗaukar `og:url` a matsayin adireshin asali, ya je can ya ɗebo bayanan. Idan shafi na uku ya ce adireshinsa na ɗaya ne, to a wurin Facebook wanda ya yaɗa na uku na ɗaya ya yaɗa. Haka mai komawa tarihin burauzarsa yana neman inda ya tsaya jiya zai tarar da layi huɗu iri ɗaya. Makaho mai amfani da manhajar da ke karanta masa allo, take ne abu na farko da yake ji idan shafi ya buɗe, kuma da shi yake sanin ko ya matsa gaba ko yana nan inda yake. Shi kansa mai kafar, ranar da ya buɗe rahoton masu ziyara wanda aka jera bisa take, zai ga shafuka huɗu sun dunƙule layi ɗaya, ba zai san a shafi na nawa mutane suke gajiya su tafi ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai dogara ga abin da Google ya yafe ba.

Maganar 2019 kuma, ga abin da ya faru. A watan Satumban 2011 Google ya ce a riƙa saka `rel="next"` da `rel="prev"` a saman shafi don ya gane jerin. A watan Maris na 2019 ya sanar cewa ya daɗe da daina amfani da su. Malam ya fahimci wannan da cewa shafukan baya sun rasa daraja. Ni kuwa akasin haka na fahimta. A da akwai alamar da ke ɗaure shafukan ta ce a dube su a matsayin abu guda. Da aka daina karanta ta, kowane shafi ya koma tsayawa da ƙafarsa, ana auna shi da abin da ke cikinsa da kuma mahaɗan da ake gani a jikinsa. Shafin da zai tsaya shi kaɗai ya fi kowa bukatar sunansa na kansa. Su alamomin biyu ba laifi ba ne a bar su, ba sa cutarwa, kuma ba Google kaɗai ke karanta shafi ba. Abin da ba ya yiwuwa a rasa shi ne mahaɗi na zahiri, `<a href>`, daga kowane shafi zuwa na gaba da na baya da na farko. Googlebot ba ya danna maɓalli, don haka maɓallin da ke ƙara loda labarai ba tare da adireshi a bayansa ba ƙofa ce a rufe gare shi. Haka kuma lambar shafi da aka saka bayan alamar `#` a adireshi, ba ya ɗaukar ta a matsayin shafi daban.

Shafukan taska suna da nasu hali, kuma rashin raba su da rubutun da aka yanka shi ne ya sa shawarar Malam ta yi kama da mai ma'ana. Na yarda cewa shafi na 23 na sashen wasanni ba abin da kowa yake nema a bincike ba ne. Aikinsa daban ne: hanya ce. A ce sashe yana da labarai 480, goma a kowane shafi kamar yadda WordPress yake zuwa da shi tun asali. Shafuka 48 ke nan. Shafin farko yana nuna goma, sauran 470 suna bayansa, kuma da yawansu ba su da wani mahaɗi a duk kafar sai wanda ke cikin taskar. Malam ya ce a saka `noindex, follow`, wato kada a ajiye shafin amma a bi mahaɗansa. A takarda wannan ya yi kyau. Sai dai a ƙarshen 2017 John Mueller na Google ya bayyana cewa shafin da ya daɗe da `noindex`, a ƙarshe injin yana cire shi gaba ɗaya, mahaɗansa ma ya daina bin su. Ke nan rabin umarnin na biyu yana mutuwa a hankali, ba tare da wani saƙon gargaɗi ba. Masu fulogin ɗin Yoast SEO, wanda a da yake da maɓallin yin wannan, sun cire maɓallin daga baya saboda wannan dalili.

Za a ce ai akwai taswirar kafa, `sitemap.xml`, wadda ke lissafa duk labaran. Tana taimakawa wajen sanar da injin cewa adireshi yana nan. Ba ta gaya masa cewa kafar da kanta tana ganin labarin da daraja har ta nuna shi daga wani wuri. Labarin da ba shafin da ke nuna shi maraya ne, ana jinkirin komawa duba shi, kuma mai karatu ma ba shi da hanyar isa gare shi. Abin da taska take bukata shi ne a gajarta hanyar. Idan mahaɗin "na gaba" kaɗai ke akwai, labarin da ke shafi na 40 sai an taka shafuka 39 kafin a kai gare shi. Idan aka jera lambobi a ƙasa, na farko da na ƙarshe da 'yan maƙwabta, tafiyar ta ragu ƙwarai. Idan aka ɗaga adadin zuwa ashirin a shafi, 48 sun koma 24.

Tsoron da ke ƙarƙashin duk wannan shi ne wai Google yana hukunta kafa saboda maimaici. Tun 2008 kamfanin ya yi bayani cewa babu irin wannan hukunci ga maimaicin da tsarin kafa ya haifar ba da niyyar yaudara ba, abin da yake yi kawai shi ne ya zaɓi ɗaya ya nuna. Batun cewa shafukan taska suna cinye lokacin da injin ya ware wa kafa kuma, Google da kansa ya ce wannan damuwa ce ta manyan kafafe, masu shafuka miliyan ko masu dubban shafukan da ke sauyawa kullum. Mujalla mai labarai 480 ba ta cikin wannan sahu.

To me za a rubuta a saman shafin taska? A nan ne ake yin kuskure ta ɗaya ɓangaren, kuma masu goyon bayan ra'ayina ma suna faɗawa ciki. Shafin taska ba ya zama wuri ɗaya. Sabon labari yana shiga ta sama ya tura kowa ƙasa. Kafar da ke wallafa labari biyar a rana a sashe mai goma a shafi, cikin kwana biyu duk abin da ke shafi na bakwai ya koma na takwas. Wanda ya zauna ya rubuta wa shafi na bakwai bayani mai ambaton labaran da ke cikinsa, jibi bayanin ya zama ƙarya. Saboda haka taken taska ya tsaya ga abin da ba ya sauyawa, sunan sashe da lambar shafi, kamar "Wasanni, shafi na 7". Bayanin kuwa, na fi son a bar shi babu a shafukan baya. Google ba ya amfani da shi wajen jera sakamako, kuma idan bai same shi ba yana ɗebo 'yan layuka daga cikin shafin, waɗanda aƙalla na wannan shafin ne. Rashin bayani ya fi kwafin bayanin shafin farko. Mai son shafukan taska masu tsayayyen abin ciki, har ya rubuta musu bayani na gaske, sai ya tsara su bisa wata da shekara, domin abin da aka wallafa a watan Mayun 2023 ba zai ƙara motsawa ba.

Akwai maimaici na gaske guda ɗaya a taska wanda Malam bai ambata ba, alhali shi ne ya fi cancantar a cire. Kafafe da yawa suna rubuta gabatarwa mai sakin layi biyu ko uku a saman sashe, sai jigon kafar ya manna ta a duk shafuka 48. Wannan rubutu ɗaya ne a wurare 48, kuma yana tura labaran ƙasa a allon waya. Wurinta shafin farko kaɗai. A WordPress sharaɗi ɗaya ne yake raba su, `is_paged()`, wanda yake zama gaskiya daga shafi na biyu zuwa sama. Haka nan adireshin `/page/1/` kwafi ne na gaske na shafin sashe, a tura shi can da 301. Shafin da ya wuce ƙarshe, kamar na 60 a sashe mai 48, ya mayar da 404, kada ya buɗe fanko da take kamar lafiyayye. Jerin da aka sake wa tsari kawai, daga tsoho zuwa sabo ko bisa yawan masu karatu, shi ma kaya ɗaya ne aka juya, kuma a irinsa `noindex` ya dace. Kayan aikin Malam suna da wurinsu, ba a kan shafi na biyu ba ne kawai.

Da yawa ma ba da gangan suke faɗawa wannan rami ba. WordPress shi kaɗai yana ƙara lambar shafi a take, kuma yana ba rubutun da aka yanka da `<!--nextpage-->` adireshin asali mai lambarsa, amma ba ya saka `canonical` a shafukan taska ko kaɗan, fulogin ko jigo ne ke sakawa. Mai haɗa jigo sai ya rubuta layin da hannu, ya kira `get_permalink()` ko `get_category_link()`, waɗanda ba su san lambar shafi ba, kullum adireshin farko suke bayarwa. Wani kuma ya yi ƙoƙarin gyarawa ya rikita kalmomi biyu masu kama: `paged` ita ce lambar shafin taska, `page` ita ce ta rubutun da aka yanka. Wanda ya duba ɗaya ya manta ɗaya zai gyara rabin kafarsa ya bar rabi. Wani lokaci ma jigo ya saka tasa alamar, fulogin ya saka tasa, shafi ya tashi da `canonical` biyu masu saɓa wa juna, kuma Google ya ce a irin wannan hali yana iya watsar da dukansu. Mai amfani da Yoast ya duba samfurin takensa, idan an goge `%%page%%` daga ciki, lambar shafi ta tafi.

Ba sai an yarda da ni ko da Malam ba, abin ana iya gwada shi cikin minti biyar. A ɗauki shafi na uku na kowane jeri a duba samansa:

```
curl -s https://example.com/sarakunan-kano/3/ | grep -iE '<title|canonical|og:url|robots'
```

Idan lambar 3 ba ta fito a adireshin da ke cikin `canonical` da `og:url` ba, ko layin `canonical` ya fito sau biyu, an ga cutar. Daga nan a shiga Search Console a saka adireshin a URL Inspection, a kwatanta "User-declared canonical" da "Google-selected canonical". Idan duka biyun shafin farko suke nunawa, Google ya yarda da abin da aka gaya masa, shafi na uku yana waje. A rahoton shafuka za a same shi ƙarƙashin "Alternate page with proper canonical tag". Wannan suna yana kwantar da hankali, shi ya sa mutane suke wuce shi, amma ma'anarsa ita ce an bar shafin a waje bisa umarninka. Gwaji na ƙarshe ya fi kowanne sauƙi: a kwafi jimla guda wadda take shafi na uku kaɗai, a saka ta tsakanin alamun zance a bincike. Idan rubutun ya kwana biyu da fitowa, shafin farko yana fitowa a bincike amma wannan jimla ba ta fito ba, ga amsar.

Wanda ya riga ya bi shawarar Malam, gyaran ba shi da wuya amma yana son haƙuri. A fara cire `noindex` daga taska, a mayar da kowane `canonical` da `og:url` kan shafinsa, a gyara take. Kada a toshe shafukan a `robots.txt` ana cikin haka, domin shafin da aka hana injin shiga ba zai ga an gyara shi ba. Muhimman shafuka, irin na Rumfa a misalinmu, a nemi a sake duba su ɗaya-ɗaya ta "Request indexing". Na Facebook kuma a saka adireshin a Sharing Debugger a sa ya sake ɗebo bayanan, in ba haka ba tsohon akwatin zai ci gaba da fitowa na ɗan lokaci. Shafukan taska masu zurfi su ne za su fi jinkiri, domin injin ya riga ya rage zuwa wurinsu, kuma komawarsu tana iya ɗaukar makonni. A wannan tsakani, abin da ya fi saurin jawo tsofaffin labarai shi ne a nuna su daga sababbi, duk inda sabon labari ya taɓo batun da wani tsoho ya riga ya yi bayaninsa.